Layi Biyu a Gindin Jaka

Duk Illela an san Muhyiddeen tela, mai ɗinka rigar sirdin babur da tamfol a bakin kasuwa. Shekara ashirin ke nan yana kan keke, kuma ya yi imani duk abin da allura ba ta bi ba, ba a gama shi ba. Mutumin kirki ne, amma karambaninsa na iya sa mai haƙuri ciwon kai. Ka kai masa gyaran aljihu, ka tarar ya sake maka wuya.

Cikin Agustan bara ƙanwarsa Hindatu ta sayo jakar roba a Ƙonni, irin wadda ake naɗe bakinta. Littafin da marigayi mahaifinsu ya rubuta da alƙalami da tawada za ta kai Tozai, kawunsu ya kwafe, don babu wani sai shi. Ta ajiye jakar a shagonsa, ta tafi gida ɗauko littafin.

Muhyiddeen ya juya jakar ciki da waje, bai ga zare ko ɗaya ba. Da zafi aka narka gefunan robar suka manne, shi ya sa ruwa ba shi da hanya. Shi kuwa ha'inci ya gani. Ya yi tsaki, ya zagi masu aikin ganin ido, ya zuba wa gindin jakar layi biyu na zaren nailan. Bai ma faɗa mata ba, wai alheri ba ya son surutu.

Hindatu ta yi nata daidai. Ta sa littafin, ba ta cika jakar ba, ta matse iska, ta naɗe bakin sau uku, ta ɗaura maɓallin, mai babur ya ɗaure jakar a baya. Ruwa ya tare su a hanya, taya na watsa wa gindin jakar ruwa har Tozai. Kowane hujin allura ya zama ƙofa.

Washegari ta dire jakar a kan kekensa.

"Yaya, mi na yi maka? Wa ya aike ka?"

Don ƙarfin hali, har ya fara bayanin cewa zaren nan ko jaki ba ya tsinka shi. Ta ɗebo ruwa a buta ta tuttula a jakar, ta ɗaga. Ruwa ya riƙa ɗiga a jere, daidai inda ya bi.

Sannan ta buɗe masa littafin. Rabin takardun sun manne, tawada ta gudu. A shafin ƙarshe mahaifinsu ya rubuta sunaye da ranar haihuwar 'ya'yansa bakwai. Sunayen shida sun tsira. Na babban ɗa, wato Muhyiddeen, da ke kusa da gefen da ya jiƙe, ya koma baƙin tabo. Muhyiddeen ya daɗe yana shafa wurin da yatsa.

"Nan na nike," in ji shi.