Takardar Da Na Manna A Kan Teburina

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sakatariya a buron wani proje da ke raba wa manoman ƙasar Damagaram irin gero da na gyaɗa. Duk rapor, wato rahoto, da za a kai wa darakta ta hannuna yake bi. A gefen teburina na manna wata takarda mai layi huɗu: lambobi, kwanan wata, sunaye, kalmomi. Sau huɗu nake karanta kowane rapor, kowane karo abu ɗaya nake nema. Nakan fara buga shi a takarda, don idona yakan tsallake kuskure a fuskar ordinata, wato kwamfuta.

A shekarata ta tara aka kawo mana sabon shef, shugaban sashenmu, daga Yamai, mai takardun karatu da yawa da turare mai cika ɗaki. Ranar da ya fara ganin takardar, ya ɗaga gefenta da yatsa biyu ya yi dariya.

"Hajiya, wannan ai aikin ƴan firamare ne. Ordinata tana gyara kuskure da kanta."

Na ce masa ordinata tana gane harafin da ya ɓata, amma ba ta san buhu nawa ya sauka a Zermu ba. Bai tsaya jin ƙarshen maganar ba.

Rapor ɗinsa na farko a kan rabon iri ne a Zermu. Ya ajiye mini da hantsi, ya ce gyaran shafi kawai yake so. Na ɗauki jan bik, birona na gyara, duk da haka. A tablo, jadawalin lambobi, an rubuta ton biyu da rabi na irin gyaɗa, a cikin bayani kuwa wakafin da ke tsakanin biyu da biyar ya faɗi, ya zama ton ashirin da biyar. Na je wurin mai kula da magaza, ɗakin ajiyar kayanmu, na duba takardar fitar kaya: biyu da rabi ne. Ranar da aka ce an yi rabo ta riga ranar da motar iri ta iso, kuma da na duba kalanda sunan ranar bai dace da kwanan watan ba, sai a kalandar bara. Nan na gane abin da ya yi. Rapor ɗin bara na Gaffati ya ɗauko ya sauya sunan gari, har ya bar Gaffati a wuri biyu. Sunan wani mai gari ya fito da rubutu iri uku. A shafin farko ya ce "gidaje", a na huɗu "manoma", lamba ɗaya, alhali gida ɗaya yakan ƙunshi manoma da yawa.

Na kai masa. Ya juya shafuka biyu, ya tura mini a kan tebur.

"An ɗauke ki don ki buga, ba don ki koya mini aikina ba. Aika yadda yake."

"Shef, ko lambar gyaɗar nan kaɗai a gyara."

"Na ce ki aika."

Na aika. Takardar da na yi wa jan bik kuma na sa ta a durowa.

Daraktarmu dattijuwa ce, Babarbariya, mai magana a hankali. A taron Litinin ta buɗe rapor ɗin ta tambaye shi a wace mota aka ɗauki ton ashirin da biyar, tunda motocinmu duka ƙanana ne. Ya gyara wuyan riga ya kawo Faransanci mai tsawo. Ta jira ya gama, ta tambaye shi ko gidaje aka ƙidaya ko manoma. Bai sani ba. Ko sau ɗaya bai taka Zermu ba. Sai ya juyo ya nuna ni da haɓa, ya ce kuskuren bugu ne, sakatariya ba ta kula.

Ban ji haushi ba sosai. Kallonsa na yi, babban mutum da gemu, yana neman ɓuya a bayan matar da ya ce aikinta na ƴan firamare ne, kuma daga ranar ban ƙara ganin girmansa ba. Darakta ta ce, "Hajiya, kin duba?" Na tashi na ɗauko takardar da na sa a durowa na miƙa mata. Ta karanta, ta ba shi, ta ce ya gyara kafin la'asar.

Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Daga baya sai ya riƙa ajiye takardunsa a teburina idan na fita salla, don kada mu haɗa ido. Nakan duba su kamar na kowa, saboda manoman da ke ciki. Bayan shekara ɗaya aka ƙara masa girma ya koma Yamai. A walimar sallama ya yi jawabi na rabin awa a kan tsantseni a aiki, aka tafa. Ni ina can baya ina raba lemo.