Ɗaurin Ɗankwali Kawai Ya Fito

A layin kayan kicin babu wanda bai san Mai Tukwane ba, mace mai bakin ciniki da son a gan ta fes. Shekara goma sha tara tana rumfar nan. Da ta ji ana sayar da kaya ta intanet, sai ta sa ƙanwarta Auta, wadda haɗa shafukan intanet ce sana'arta, ta buɗe mata shafi.

Ta ɗauko mai hoto musamman, ta sha ado, ta tsaya tsakiyar tukwanenta. Auta ta ce hotunan sun yi nauyi, a bari ta rage su, kuma a fara da kaya da farashi. Ina! Mai Tukwane ta ce nata hoton ne zai zauna a sama, kuma kada a rage masa ko ɗigo, ba ta biya kuɗi don ta fito dishi-dishi ba. Auta ta sa shi yadda take so, yaya ce.

Wata uku ko kare bai kira ba. Ita kuwa a wayarta shafin yana buɗewa nan take, don haka ta yanke hukunci Auta ce ba ta iya aiki ba. Ta bi layi rumfa-rumfa tana faɗa. Har maƙwabciyarta Mai Labule, da ta yi niyyar ba Auta aiki, ta fasa ta kai wa wani.

Rannan wata tsohuwar mai sayayya ta zo sayen kular abinci. Mai Tukwane ta yi mata ƙorafin ba ta leƙa shafin ba. Matar ta ce ta leƙa mana, ta ciro wayarta ta danna a gaban jama'a. Aka jira. Hoton ya fara saukowa daga sama a hankali: silin, sai ɗankwali, sai goshi. Nan ya tsaya cak.

"Kullum iyakarsa ke nan, ga cin data," in ji matar. "Ban taɓa ganin tukunya ko ɗaya ba."

Layin ya ɗauki dariya. Mai Tukwane ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da ta rufe rumfa, gidan Auta ta nufa, tana jan ƙafa. Auta ta nuna mata a kwamfuta: mutum sama da ɗari huɗu sun shigo, kusan duk sun fice kafin shafin ya gama buɗewa. Ita Mai Tukwane wayarta ta riga ta adana hoton tun ranar farko, shi ya sa ba ta taɓa ganin matsalar ba. Ashe masu saye sun zo har bakin ƙofa, ita ce ta tare hanya da ɗankwalinta.

Kanta a ƙasa ta ce a rage hoton, a ma cire shi gaba ɗaya.

Auta ba ta ɗago daga kwamfutar ba. "Wannan aikin minti biyar ne, Yaya," ta ce. "Abin da kika gaya wa mutanen layi a kaina fa, wa zai cire shi?"