Gonar da Yaya Ya Zaɓa

Ni na ba yayana sandar da ya doke mu da ita, shi ya sa haushin ya daɗe bai bar ni ba. Lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Anka, in na zo gida wajen Adabka bakina ba ya rufuwa. Wata rana na gaya musu yadda daji ke gyara kansa: a bar gona ta zama saura, ciyawa ta fara fitowa, sabara da kalgo su biyo, manyan itatuwa su zo daga baya. Na ƙara da cewa masana na gardama, wasu sun ce daji na tafiya har ya kai kamanninsa na asali ya tsaya, wasu sun ce wuta da shanu da fari ba sa barinsa ya tsaya ko'ina. Yaya ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya sa aljihu.

Da masu haƙar zinariya suka zo neman gonarmu ta bakin hanya, Inna ta ƙi. Itatuwan ɗorawarta na can, da su take daddawa tun kafin a haife mu. Yaya ya ce mata, "Inna, ɗanki malami shi yac ce daji shina komawa yadda shike. In sun gama sai a bar ta ta huta." Ina Anka aka yi wannan. Da na dawo na tarar an sare ɗorawa, an kankare ƙasar sama ruwa ya tafi da ita, an tono marmara da farin dutse daga ƙarƙashi an jibge. Zinariyar ma ba a samu ta kirki ba. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ba ta sake bin hanyar nan ba har ta rasu. Na tsani Yaya a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Da aka zo rabon gado, gonaki biyu ne. Ta bakin hanya, wadda aka cike ramukanta aka baje, faffaɗa, fes kamar filin ƙwallo. Sai ta bayan tudu, ƙarama, da masu gawayi suka yi wa aski, wuta kuma ta lashe ta, ba komai sai baƙaƙen kututture. Yaya dillali ne a kasuwar Gummi, rabonsa da fartanya tun yana yaro. Dattawa suka ce babba ya fara zaɓa. Ya dube ni yana murmushi ya ce ta bakin hanya. Wani baffanmu ya buɗe baki zai yi magana, na yi maza na ce, "Na yarda, Allah shi sa albarka."

Na san abin da na karɓa. Wuta ta ci sama ne kawai. Ƙasar na nan, irin ciyawa na kwance a cikinta, saiwoyi na raye. Damina ɗaya kututturen suka yi toho, gamba ta tashi, na zaɓi tohon da zan bari na shuka gero a tsakani. Shi kuwa abin da ya zaɓa dutse ne da bai taɓa ganin rana ba, ba iri ba saiwa ba taki. Irin wannan wuri daga farko ake somawa. Gansakuka ce ke fara lafewa, sai 'yar ciyawa da tumfafiya da iska ta kawo irinsu, su mutu su ruɓe, a hankali a samu ɗan abin da za a kira ƙasa.

Yaya ya shuka gero, ya tsaya iya gwiwa ya yi ja. Ya dasa mangwaro, ya bushe. Sai ya ce zai bar ta ta huta. Duk sanda na wuce a babur sai na rage gudu in gaida tumfafiyarsa, wallahi har raina yake yin sanyi.

Bara ya same ni a gona muna ɗaurin gero. Kasuwa ta juya masa baya, iyali sun yi yawa, gonar yake so ta ciyar da su. Ya daɗe yana kallon dammunan kafin ya ce, "Malam, ta huta haka nan. Shekara nawa sunka rage ta koma?"

Na ce, "Koma ina, Yaya? Saura ita ka komawa, don tana da abin komawa gare shi. Taka kuwa, ƙasa za ta yi tukuna, kuma ba a rayuwarmu ba. Ko jikokinka sun gani, babu mai ce maka ɗorawa za ta hito."

Ya tambaya ko akwai dabara. Na gaya masa gaskiya, sai dai ya kwaso ƙasa mai rai da taki ya shimfiɗa da hannunsa, mangala bayan mangala. Ya dubi baƙar ƙasar da muke tsaye a kai, na ga abin da ke bakinsa tun bai faɗa ba.

Na ce, "Jaki dai ga shi can, na ara maka. Ƙasa kam ka nemo wani wuri."