Alawayyon da na kai Kamarawa

Shekarar da aka maido mana da sabis, bayan watannin da aka rufe layukan waya a ƙasarmu, ita ce shekarar da na yi wa Baffa, ƙanen mahaifina, sanarwar mutuwa yana zaune da ransa.

Ni da tawada da alƙalamin kara na tashi. A wasiƙar ajami, in ba ka ga "haza wasalam" a ƙasa ba, ka san mai rubutu bai gama ba. Saƙon waya ba ya da wannan hatimi. Inda yatsa ya taɓa kibiyar aikawa, nan maganar ta tsaya.

Wata hantsi ina zaure a Sabon Birni, na sallami ɗalibai, sai saƙo ya shigo daga babban ɗan Baffa da ke Kamarawa: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, yau da safe Baba ya". Nan ya tsaya. Na ga alamar yana ci gaba da rubutu, sai ta ɓace.

Tun damina Baffa yake fama da jiki. Ban kira ba, ban ce masa "saƙonka ya yanke, ƙarasa" ba. A wajenmu gawa ba ta jira, wanda ya fara ji shi ke sanar da dangi don su riski sallah. Sai na ƙarasa maganar da kaina. Na rubuta a zauren dangi na WhatsApp cewa Allah Ya yi wa Baffa rasuwa, na haɗa da addu'a mai tsawo. Na ratsa kasuwa na yanki alawayyo don likkafani, na jefa waya aljihu, na hau kabu-kabu. Hanyar Isa, wadda ke kai mutum Kamarawa, a lokacin ba wadda ake bi don nishaɗi ba ce, saboda 'yan bindiga. Duk da haka dangi suka biyo ta, har daga Gangara.

Da muka shiga Kamarawa ƙaurin hayaƙi ya tare ni. A ƙofar gida mutane na zaune kan tabarmi, a tsakiyarsu Baffa ya jingina da bango yana jan carbi, ana yi masa jaje. Gefe guda, wata gwaggonmu da ta riga ni isowa tana share hawaye tana harara ta.

Ɗan nasa ya janye ni gefe.

"Yaya, mi ka yi haka? Gobara ce! Rumbunan gero suka ƙone. Ina sauri, yatsa ya zame. Na ƙarasa nan take, sabis ya ɗauke."

Na ciro waya. Ga sauran saƙon nan ya shigo ina kan hanya: "yi gobara, rumbuna sun tafi, amma kowa lafiya." Na goge sanarwata daga zauren, amma babu wanda bai riga ya karanta ba.

"Ko kira ɗaya, Yaya," in ji shi. "Ko ka ce mini ya mi?"

Na so ƙasa ta tsage. Alawayyon yana hammata, ba inda za ni ɓoye shi. Abin da nake tsoro shi ne Baffa ya kau da kai, ya ƙi karɓar gaisuwata a gaban jama'a, don shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina.

Na cire takalma, na durƙusa.

"A'a, Malam ne?" in ji Baffa. "An ce kai za ka yi mini sallah. To, ka yi haƙuri, ban shirya ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

"Mi ke nan a hammatarka?"

Na miƙa. Ya murza yadin da yatsu, kamar mai ciniki.

"Mai kyau ka zaɓa, Allah Shi yi albarka. A ajiye mini, ba ya ruɓewa." Ya ba ɗansa. Sai ya dube ni, murmushin ya tafi. "Ɗana, tun damina nake kwance. Ka ce hanya ba kyau. Yau hanyar ta gyaru?"

Wannan ta fi alawayyon nauyi. Na ce, "Baffa, ka gafarce ni."

"Gafara tana nan. Amma ina bin ka dubiya. Tashi ka fita, ka sake shigowa."

Na tashi, da furfurata, yara na kallo. Na koma bakin hanya, na sa takalma, na dawo na yi sallama, na sake cire su, na durƙusa.

"Baffa, ya jiki?"

"Yawwa," in ji shi.

Ya matsa mini wuri a tabarma. Ya fara lissafa ciwonsa daga gwiwoyi, ya hau zuwa baya, ya faɗi maganin da ya sha da wanda ya zubar, da daren da tari ya hana shi barci. Ban katse shi ba ko sau ɗaya. Ana kiran azahar ya kai ƙarshe, ya miƙo mini hannu.

"Mun rabu lafiya. Tashe ni mu tafi masallaci."