Takardun da Ba Su da Huji

Takardun saman gwangwanin Gwaggo ba su da huji. Na ƙasa, tsofaffin, kowacce tana da 'yan huji biyu a kusurwa, inda kashiyan banki ya manne mata rasit da fil, ga kuma hatimi shuɗi a tsakiya. Na saman kuwa sumul suke, kamar ba su taɓa barin hannun wanda ya cike su ba. 'Yar ƙaninta, wadda Gwaggo ke kira Malama tun da ta shiga jami'a, ta ga haka a ranar da aka ba ta gwangwanin ta lissafa. Ta buɗe baki, sai ta dubi Gwaggo tana zare fil daga leɓenta tana kafa wa wata riga hannu, ta mayar da bakin ta rufe.

Gwaggo mai ɗinki ce. Da mijinta ya rasu, keken ɗinki ɗaya ya bar mata da yaro ɗaya, ta kama wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. A nan ta tsufa. A nan ɗanta Dogo ya yi rarrafe cikin ƙyallaye, a ƙofar nan ne ta fara lura ya fi ta tsawo, ta ce masa ya daina, rufin ba nasu ba ne. Karatu bai dame ta ba, amma lamba ba ta ɓace mata. Ta auna ƙugunka sau ɗaya, bayan shekara za ta faɗa maka ka ƙara inci biyu, ta kuma faɗi laifin wa.

Layin banki ne ba ta iyawa saboda gwiwa. Don haka duk ƙarshen wata sai ta ƙirga dubu talatin ta ba Dogo, wanda ya zama mai gyaran wutar lantarki, ya kai mata ajiya. Ya dawo da takardar zuba kuɗi, ta duba alamar bankin, ta duba lambar, ta jefa a gwangwani. Saƙon banki ma wayarsa yake shiga, don ita ta ce saƙonnin suna firgita ta.

Zazzaɓi ya kwantar da Dogo, kafin a gane kansa ya tafi. Ya bar matarsa da 'yar ƙaramar yarinya. Ba a daɗe ba mai benen ya zo da sabon sharaɗi: kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule, ko ya ba da shagon ga wani mai sayar da wayoyi da ya riga ya yi magana.

"Ya zo ya karɓa," in ji Gwaggo. "Ba don irin wannan ranar nake ƙin sayen takalmi ba?"

Amma da ta daure ta je bankin, abin da aka ce yana cikin asusunta bai kai hayar shekara ɗaya ba. Ta dawo tana huci, ta ce ma'aikatan banki sun cinye ta. Matar Dogo ta ji, ta kawo wani ambulan da ta tsinta a akwatin kayan aikinsa, ta ce takardun banki ne, wataƙila su taimaka. Gwaggo ta sa mata albarka, ta haɗa da gwangwanin ta ce, "Malama, sa mayafinki. Yau bokonki zai yi rana."

A banki aka zaunar da su a teburin masu kawo ƙorafi. Ma'aikaciyar, wata mai tabarau da sanyin murya, ta buga bayanin asusun Gwaggo, ta share teburin, ta jera abubuwa uku: takardar da aka cike da hannu, rasit mai hatimin kashiya, da layin da ya shiga asusu. Ta ce kwanan wata, lambar asusu da yawan kuɗi ne za su duba, wata bayan wata.

Shekarun farko suka tafi lafiya. Dubu talatin a takarda, dubu talatin a rasit, dubu talatin a asusu. Gwaggo tana gyaɗa kai tana cewa, "To, kin gani."

Sai aka zo kan takardun saman. Ma'aikaciyar ta juya ta farko gaba da baya.

"Mama, ina rasit ɗin wannan?"

"Ga shi a hannunki. Ba sunan bankinku ba ne a kai?"

"Namu ne. Amma irin wannan tana nan zube a kan kanta, kowa yana iya ɗauka ya cike. Sai kashiya ya ƙirga kuɗi, ya shigar, ya buga hatimi ya sa hannu, sannan ta zama shaida. Wannan ba ta isa gaban kashiya ba."

Ta buɗe ambulan ɗin. Ga wasu takardun na waɗannan ranakun daidai, rubutun Dogo ne, kowacce da hatiminta da rasit manne a kusurwa. Dubu goma. Ta sa rula a kan bayanin asusun: dubu goma, sunan Dogo a matsayin wanda ya zuba. Wata na gaba haka. Wani watan dubu biyar. Wasu watannin babu rasit, babu layi.

Malama ta kafa idonta a kan rular. Tana jin numfashin Gwaggo a gefenta.

"'Yata," in ji Gwaggo a hankali, "ku ma ai mutane ne. Ba zai yiwu kashiyan ne ya danna ba daidai ba?"

"Yana faruwa, Mama. Da takarda mai hatimi ta ce talatin, asusu ya ce goma, da yanzu na rubuta a binciki kuɗin kashiyan na ranar, a mayar miki. Amma nan abin da aka cike, da abin da aka buga wa hatimi, da abin da ya shiga, duk bakinsu ɗaya."

"Ki ƙara dubawa."

Ta ƙara dubawa, tun daga farko, ba ta nuna gajiya ba. Gwaggo ba ta kalli lambobin ba wannan karon. Ta ɗauki ɗaya daga cikin marasa hatimin ta matso da ita kusa da ido.

"Dubi yadda yake rubuta uku," ta ce. "Kamar an kwantar da ita. Tun yana firamare malaminsa yake dukansa a kan haka."

A mota, da suka kusa sauka, Gwaggo ta juyo wurin Malama.

"Kin sani tun a gida, ko?"

"Na ga babu huji, Gwaggo. Na kasa faɗa."

"Da ya tambaye ni ai da na ba shi. Me na taɓa hana shi?" Ta goge fuska da bakin mayafi. "Ko wani ciwon ne yake ɓoye mini? Ko matsi ya shiga? Yanzu wa zan tambaya?"

Sai Gwaggo ta rage murya.

"Matarsa kada ta ji. Ita ta kawo ambulan ɗin da hannunta, tana murna. In ta tambaya, ki ce kuɗin ne bai kai ba."

Da suka iso shagon, mai benen yana zaune a bencin mai aski. Gwaggo ta gaishe shi, ta ce ya ba mai wayoyin, za ta kwashe kayanta kafin ƙarshen wata, keken zai shiga ɗakinta. Mai aski ya tsaya da almakashi a sama.

"Haba Gwaggo! In kin tafi wa zai riƙa zagina da safe?"

"Matarka tana nan," ta ce, ta shige.

Jikarta ta dawo daga makaranta tana rungume da jaka a ƙirji, igiyar ta tsinke. Gwaggo ta karɓa, ta zazzage littattafan a kan tebur, ta nemo baƙin zare mai kauri, ta ɗinke igiyar, ta bi ta sau biyu.