Kwana Bakwai na Duba-gari

A gidanmu na Bebeji, ranar da Iya ke tuyar ƙuli-ƙuli ita ce ranar tatsuniya. Bayan sallar isha'i mukan kewaye murhu, ido a kan kasko. Ni, babban jikanta, sai ta daka min tsawa: "Kai mijin banza, ko itace ba ka kawo ba, ka fi kowa miƙo hannu."

Mu Gizo muke so. Amma akwai labari guda da takan dawo masa duk shekara, kuma in ta fara ba "ga ta nan" ba komai. Sai dai ta ce, "Wannan ba ta Gizo ba ce, ku rufe min baki."

Wai akwai wata Asabe mai sayar da shinkafa da wake a Kwanar Dangora. Rumfarta na bakin titi, direbobi ba sa wuce ta. Ran nan duba-gari ya zo, ya leƙa bayan rumfa, ya miƙa mata takarda da Turanci, ya ce ta dangwala yatsa a kwafinsa. Ya yi bayani, amma layi ya cika, ita cokali kawai take ji.

Da ta koma gida tsoro ya kama ta. Ta naɗe takardar a tsumma ta saka cikin kwalla, don kada maƙwabciyarta Ladi mai tuwo ta ji ta yi dariya. Kwana biyu tana nan. Rana ta uku ta kai wa limamin unguwa. Ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Asabe, ni ajami na iya. Addu'a dai zan yi miki." Sai washegari mai kemis ya karanta mata.

Abu uku ake so cikin kwana bakwai: ta yashe kwatar bayan rumfa, ta ajiye mazubin shara mai murfi, ta kawo shaidar gwajin lafiya ta masu sayar da abinci. In ba haka ba, kotu.

A nan Iya takan buga matsami a bakin kasko. "Kwata! Kwatar da rumfa biyar ke zuba wa ruwa, ita kaɗai aka gani?"

Ta yashe dai. Ta sayi mazubi. Ta je asibiti, aka yanki kati, aka ɗebi jini, aka ba ta 'yan robobi biyu, ɗaya na bayan gida ɗaya na kaki, aka ce gobe da sassafe. Ta kai, aka ce sakamako sai bayan kwana uku. Da ya fito lafiya lau, likita ya sa hannu, ta nufi ofishin duba-gari. Can aka ce ina hoto biyu? Ta fita neman mai hoto, ba wuta. Kullum ta tafi, rumfa a rufe, tukunya a kife.

Ta dawo da hotuna tana murna, a lissafinta yau kwana bakwai cif. Magatakarda ya buɗe fayil ya ce, "Baba, yau goma. An riga an rubuta sammaci."

"Yaro, ranar Alhamis aka karanta min!"

"Ba daga ranar da kika ji ake ƙirgawa ba. Daga ranar da kika dangwala ne."

A kotu alƙali ya duba takardunta, ya sassauta tara, amma ya ce kada ta ɗora tukunya sai duba-gari ya sake zagayowa ya sa hannu. Ya zo bayan mako biyu. Kafin nan direbobi sun saba da tuwon Ladi, kuma ciki ba ya jiran kowa. Rumfar ba ta sake tashi ba.

Mukan ce, "Iya, sai me?"

"Sai me kuma? Ku tashi, hayaƙi ya cika min ido."

Haushin labarin nake ji. Ba aljani, ba waƙa, ba a ma hukunta kowa. Na kuma tsani yadda duk takardar da ta shigo gidan, ko ta rigakafi ce, Iya ba ta bari ta kwana. Ko tuwo na bakinka sai ka ajiye ka karanta mata, ta ce, "Kwana nawa suka ce? Daga yaushe?"

Ina da 'ya'ya biyu ta rasu. Da aka zo rabon kayanta, goggona ta buɗe kwallar da ke can ƙasan jere, ta miƙo min wani tsumma ta ce in duba ko takardar gona ce. Shaidar gwajin lafiya ce, ta yi ja don tsufa, da hoton wata mata mai ɗaurin kallabi irin na Iya.

Mu jikoki ba mu taɓa jin sunanta ba, domin ba mai kama shi a gidan. A ranar na karanta shi a jikin takardar, Asabe, shekara talatin bayan na zauna gabanta ina hamma ina roƙon ta ba mu Gizo.