Ba a Yi wa Babba Dogon Bayani

A Karakkai ta ƙasar Bungudu aka haifi Yusha'u, ɗan Malam Gambo magini. Shi Malam Gambo gwani ne a sana'arsa, rabin zaurukan garin hannunsa ne, amma magana sai ka yi da gaske kafin ka ji guda biyar a bakinsa a wuni. A kan haka ya raini ɗansa. Tun Yusha'u yana ƙarami, in aka aike shi ya dawo ya fara kawo labarin hanya, sai uban ya ɗaga hannu ya ce, "Amsa aka tambaye ka. Ba a yi wa babba dogon bayani, ya riga ka sani." Yaro ya riƙe wannan da hannu bibbiyu. Ya tashi mai ladabi, idonsa a ƙasa, bakinsa a rufe, kansa kuwa yana aiki fiye da injin gurzar auduga na Gusau.

Lissafi ne baiwarsa. Daga firamaren Bungudu har sakandare, kafin malami ya ajiye alli Yusha'u ya faɗi amsa, kuma ita ce. Da haka ya shiga jami'a a Zariya, ya shiga ƙungiyar masu lissafi, aka sa shi cikin mutum huɗu da suka je gasar jami'o'i ta shekarar 1976. A nan asiri ya tonu. Tambaya biyar aka ba su, kowace maki goma: ɗaya na amsa, tara na hujja, wato bayanin da zai tabbatar da amsar mataki-mataki. Yusha'u ya rubuta amsa biyar, duka daidai, ya ajiye biro tun saura awa biyu. Ya tashi da maki biyar cikin hamsin, ƙungiya ta dawo gida a wutsiya. Da aka tambaye shi ina sauran aikin, ya amsa da zuciya ɗaya: "Ai farfesoshi ne masu dubawa. Ni zan koya musu?" Bawan Allah, shi a ganinsa girmama su ya yi.

Da shekara ta zagayo, shugabancin ƙungiya ya koma hannun Dauda, ɗan wani ma'aikacin reluwe, haihuwar Sabon Garin Gusau. Siriri ne mai tabarau, ba ya saurin fushi kuma ba ya mantuwa. Ana jibi a tafi hutun Disamba ya tara su a wani ɗakin lacca bayan la'asar, su goma sha ɗaya. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya ɗauki alli.

"Ku ɗauki kowace lamba," in ji shi. "Ku ninka ta da kanta, ku ƙara ita lambar, ku ƙara arba'in da ɗaya. Me ɗaya za ta ba mu?"

"Arba'in da uku," in ji Yusha'u. Biyu ta ba da arba'in da bakwai, uku ta ba da hamsin da uku. Dauda yana rubutawa, Yusha'u yana zubo su, har suka wuce ashirin. Kowace amsa da ta fito, lamba ce wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da ita kanta. Dauda ya juyo ya tambaya ko kullum haka za ta yi. Ɗaki ya amsa, ƙwarai kuwa. Ya yi ta tura su har talatin da tara, ba ko guda da ta saɓa.

"To, arba'in fa?"

Yusha'u ya buɗe baki ya ce dubu ɗaya da ɗari shida da tamanin da ɗaya. Ya riga kowa gani. Arba'in da ɗaya ce sau arba'in da ɗaya. Wannan kam ta rabu.

Dauda ya ajiye alli ya kakkaɓe hannu. "Shaidu talatin da tara sun tsaya sun ce eh, na arba'in ya zo ya rushe su. 'Yan'uwa, lambobi ba su da iyaka. Ko ka kwana dubu kana gwadawa, abin da ba ka gwada ba ya fi yawa. Hujja ce kaɗai take kai hannu inda ƙirga ba ya zuwa, kuma hujjar da take cikin kanka ba ta da amfani ga kowa sai ka sauke ta a takarda. Wannan sai da gwaji, kullum, yadda hannu ke koyon kowace sana'a. Faɗi abin da aka ba ka. Faɗi abin da za ka tabbatar. Kowane layi ya tsaya a kan na bayansa. Duk inda ka ji kana son rubuta 'a fili yake', tsaya, galibi a nan ramin yake. Kada ka rubuta wa wanda ya sani. Rubuta wa wanda bai sani ba, bai yarda da kai ba, kuma ba zai ji kunyar tambayarka dalili ba."

Sannan ya ba su aikin hutu, mai sauƙi da gangan. A tara lambobin mara a jere, wato ɗaya, uku, biyar, bakwai, zuwa inda aka ga dama: guda biyu suna ba da huɗu, guda uku tara, guda huɗu goma sha shida, kullum yawansu sau yawansu. A tabbatar da haka a rubuce. "Wanda takardarsa ta tsaya, shi zai je gasa," in ji Dauda. "Uku na riga na san su. Kujera ta huɗu tsakanin Yusha'u ce da Sabiru." Sabiru ɗan Tsafe ne, mai nawa kamar me, amma ba ya tsallake ko waƙafi.

Jirgin ƙasa ɗaya suka shiga su uku. Sabiru ya sauka a Tsafe da littafinsa rabi a cike. A tashar Gusau Dauda ya riƙe hannun Yusha'u ya ce, "Ba ƙinka nake yi ba, ka fi mu duka kai. Amma ban iya kai amsa tsirara gasa." Yusha'u ya hau motar Bungudu zuciyarsa a dagule.

Kwana shida yana zaune a zaure yana ɓata takarda. In ya rubuta layi biyu sai ya ga fuskar farfesa, kunya ta kama shi, ya ji kamar yana koya wa liman alwala, ya yage. A rana ta bakwai Malam Gambo, wanda yake fili yana shanya tubali domin lokacin gini ne, ya kira shi ya kama masa. Tsohon yana da al'adarsa ta shanya: fage-fage yake jerawa, tsawo da faɗi daidai, don ido ɗaya zai kai ya san ko guda nawa ne. Suna cikin aiki ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Takardar ga da kake kashewa, mi ta yi maka?"

Yusha'u ya faɗa masa a gajarce, yadda aka koya masa.

"Kullum haka take fita?"

"Kullum, Baba."

"Ka ƙirga har ina?"

"Har ɗari."

"To ɗari ka sani. Sauran fa?"

Ikon Allah, maganar Dauda ce a bakin mutumin da bai taɓa zama a benci ba. Yusha'u ya tsaya da tubali a hannu. Uban ya zauna a kan turmin da aka kife ya ce, "Ni ban sani ba. Gwada mani."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin wannan daga bakin ubansa ba. Ya durƙusa ya ajiye tubali ɗaya. Ya kewaye shi da tubali uku ta gefe biyu, ya zama fage biyu-biyu. Ya ƙara biyar, ya zama uku-uku. Ya ce, "Baba, kowane fage ne, in za a faɗaɗa shi da layi ɗaya, sai a sa layi ta gabas, layi ta kudu, da guda ɗaya a kusurwa. Layi biyu masu tsawo ɗaya cika ne, na kusurwa ya mai da su mara."

"Na yarda mara ce," in ji Malam Gambo. "Wa ya ce marar da ke bin ta baya ce? In ta yi tsalle fa?"

Wannan matakin Yusha'u bai taɓa faɗarsa ko a ransa ba, gani kawai yake yi ya wuce. Ya dubi tubalan har tsohon ya gyara zama. Can ya ce, "Ba ta tsalle. Duk zagaye, layin gabas yana ƙaruwa da ɗaya, na kudu da ɗaya, kusurwa tana nan guda. Ƙarin biyu ke nan kowane karo, ba ya wuce haka. Daga ɗaya muka fara, saboda haka uku, biyar, bakwai, ba wadda za a tsallake. Kuma kowane zagaye fage yake bari, tsawonsa yawan zagayen da aka yi."

Malam Gambo ya ɗaga kai. Ya dubi filin da tubalansa suka cika, ya dubi gonaki har inda suka haɗu da sama.

"Ko fagen ya kai Sakkwato?"

"Ko ya wuce, Baba."

"Har lambar da ba mahalukin da ya taɓa ƙirga ta?"

"Har ita."

"Subhanallahi," in ji tsohon a hankali. "Shekara arba'in ina jera abin ga, ban san yana da magana haka ba." Ya miƙe ya koma kan aikinsa. Yusha'u kuwa ƙwalla ta cika masa ido, don tsoro da daɗi sun haɗu masa wuri ɗaya. Kafin azahar ya rubuta abin da ya faɗa, tubali ya koma harafi, tambayoyin tsohon suka zama layuka. Sauran kwanakin hutun kullum sai ya rubuta hujja guda ta wata mas'ala, yana tsayawa a kowane layi ya ji ko uban zai ce "don mi?"

Da aka koma Zariya, Dauda ya karɓi takardu a gaban kowa. Ta Sabiru shafi biyu ce, ta yi kyau, sai dai a wannan karon ya manta bai tabbatar da matakin farko ba, ya ɗora gini ba harsashi. Ta Yusha'u layi goma sha ɗaya ce. Dauda ya karanta ta a tsaye, jan biro a hannu, yana neman inda zai soka. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Ya cire tabarau ya goge, ya sake bi. Biron bai taɓa takardar ba. Ya miƙa wa Sabiru, shi ma ya karanta, ya girgiza kai ya ce, "Kujerarsa ce."

Dauda ya ɗauki alli ya rubuta sunan Yusha'u a ƙasan ukun. Da zai mayar masa da takardar sai ya lura da wani wuri a can sama, inda aka yi rubutu da fensir aka goge, amma sawun bai ɓace ba. Ya kai ta kusa da taga. Kalma ɗaya ce, irin wadda ake fara wasiƙa da ita: Baba.

"Shi ne mai dubawar taka?" in ji Dauda.

"Shi ne," in ji Yusha'u. "Shekarata ashirin da biyu, ranar nan na fara yi masa bayani, kuma ya saurara har ƙarshe."